Yadda kwamfuta ke gano inda lamba take kafin ta ɗauko ta

Duk umarnin da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, za ta aiwatar yana ɗauke da abu biyu: aikin da za a yi, da inda kayan aikin suke. Na farkon ba shi da wuyar ganewa, tarawa ce ko ɗebewa ko kwafewa. Na biyun ne ke rikita masu koyo, domin akwai hanyoyi daban-daban na faɗa wa furosesa inda za ta samo lamba. Furosesar 8086 da kamfanin Intel ya fitar a 1978 ta dace da wannan bayani. Ƙanwarta 8088 ce aka saka a kwamfutar IBM ta 1981, kuma yawancin kwamfutocin ofis na yau jikokinta ne.

Memorin kwamfuta jerin gurabe ne, kowane gurbi yana ɗaukar bayit ɗaya kuma yana da lambarsa, wato adireshinsa. A cikin furosesa kuma akwai wasu 'yan ma'ajiyoyi masu sauri da ake kira rajista. A 8086 kowace tana ɗaukar bayit biyu, kuma suna da sunaye irin su AX da BX da SI.

A ɗauka wata makaranta ta ajiye bayanan ɗalibi guda a memori, kowace lamba ta cinye bayit biyu. Lambar ɗalibin, 315, tana adireshi na 2000. Shekarunsa, 17, suna 2002. Makinsa na darussa uku, 68 da 74 da 55, suna 2004 da 2006 da 2008. An riga an saka 2000 a rajistar BX, an saka 4 a SI. Ga umarni huɗu, kowanne da tasa hanyar:

```
mov ax, 2000
mov ax, [bx]
mov ax, [bx+2]
mov ax, [bx+si+4]
```

Layin farko shi ne hanyar nan take. Lambar tana cikin umarnin kansa, don haka babu adireshin da za a lissafa, AX ta karɓi 2000 kawai. Kamar a aiki yaro da kuɗi a hannu ne, maimakon a yi masa kwatancen gidan da zai je ya karɓo. Hanyar tana da sauri, amma lambar ta kafu tun lokacin rubuta manhajar, kuma ba za ta wuce 65,535 ba, tunda iyakar abin da bayit biyu ke ɗauka ke nan. A nan ne sababbin hannu suka fi tuntuɓe. Idan aka rubuta `[2000]` da baka, ma'anar ta sauya gaba ɗaya: AX za ta karɓi 315, abin da ke zaune a wannan adireshin.

A layi na biyu rajista ce ke yin nuni. Furosesa ta duba BX, ta ga 2000, ta ɗauke shi a matsayin adireshi, ta je can ta ɗauko 315. Adireshin da lissafi ya kai gare shi a ƙarshe shi ake kira ainihin adireshi, littattafai suna taƙaita shi da EA. Amfanin wannan hanya shi ne umarnin bai san ɗalibin da yake karantawa ba. Da zarar an sauya abin da ke BX, layin nan ɗaya zai karanta lambar wani ɗalibin.

Layi na uku ya ƙara tazara a kan tushe. BX ce tushen, 2 ce tazarar, ainihin adireshin ya zama 2002, AX ta karɓi 17. Hikimar tana cikin rabon aiki. Tushen yana sauyawa daga ɗalibi zuwa ɗalibi, amma shekaru kullum bayit biyu suke gaba da farkon bayanan, ko na wane ɗalibi ne. Saboda haka aka bar abin da ke sauyawa a rajista, aka kafa wanda ba ya sauyawa a cikin umarni. Wanda ya taɓa leƙa abin da manhajar C ke komawa bayan an juya ta zuwa harshen na'ura zai ga wannan salon ko'ina.

To idan ana son bin makin ɗaya bayan ɗaya fa? Nan ne layi na huɗu ya shigo da rajistar ƙidaya. Lissafin shi ne:

```
EA = BX + SI + 4 = 2000 + 4 + 4 = 2008
```

AX ta karɓi 55, maki na uku. Idan SI tana 0 za a samu 68, idan tana 2 a samu 74. Umarni ɗaya a cikin zagaye ya isa ya karanta jerin duka.

Sai dai akwai tarko. A 8086 bayit SI take ƙirgawa, ba maki ba. Mai rubutun da ya manta, ya ƙara mata 1 maimakon 2, zai aika furosesa adireshi na 2005, tsakiyar lamba. Ita kuwa ba za ta yi ƙorafi ba. Intel tana ajiye ƙaramin bayit kafin babba, don haka a 2005 akwai babban bayit na 68, wanda sifili ne, a 2006 kuma ƙaramin bayit na 74. Furosesa za ta haɗa su ta ɗauki 74 a matsayin babban bayit, wato 74 sau 256. Ɗalibi ya tashi da maki 18,944. Duk lokacin da ƙananan lambobi suka riƙa fitowa a ninke da 256, abin da ya kamata a fara dubawa shi ne takun rajistar ƙidaya.

Kowace hanya da farashinta. A teburin lokaci na 8086, layin farko yana cin bugun agogo 4. Karatu daga memori kuwa bugu 8 ne, sannan a ƙara na lissafin adireshi: 5 ga rajista mai nuni, 9 ga tushe da tazara, 11 ga haɗin BX da SI da tazara. Jimla ke nan 13 da 17 da 19. Duk da haka layi na huɗu bai yi tsada ba, domin da babu shi sai an rubuta wasu umarnin tarawa daban kafin a kai ga adireshin.

Furosesar 80386 ta 1985 ta toshe wancan tarkon ta hanyar barin a ninka rajistar ƙidaya da 1 ko 2 ko 4 ko 8 a cikin umarnin. Da `[ebx+esi*2+4]`, ESI tana ƙirga maki ne kai tsaye: a saka mata 2, a isa 2008. Masu tsarin RISC-V kuma suka bi akasin haka. A ginshiƙin tsarinsu hanya ɗaya tak ake karanta memori, tushe da tazara, kuma tazarar ba ta fita daga -2048 zuwa 2047. Mai son rajista mai nuni sai ya sa tazarar sifili, mai son ƙidaya kuma ya tara adireshin da kansa tukuna. Wannan ya nuna cewa cikin hanyoyin uku masu zuwa memori, tushe da tazara ce ta isa ta ɗauki nauyin sauran biyun, kuma ita ya fi dacewa mai koyo ya fara ƙwarewa a kai.