Alat ɗin farashi da ke hana barci: ina gaskiya, ina jita-jita?

Ranar da Bitcoin ya fara haura dala 100,000, a farkon Disamba 2024, bai kwana a can ba; kafin ranar ta ƙare ya sake gangarowa. Haka farashi yake yi a bakin cikakkiyar lamba, ya leƙa ya koma, ya sake leƙawa. Duk wanda ya ɗana alat a irin wannan wuri ya san yadda waya ke kuka babu ƙaƙƙautawa, kuma daga nan maganganu suka yi yawa tsakanin 'yan kirifto.

Wasu na cewa manhajar ce ta lalace. Wannan ba gaskiya ba ne. A TradingView, idan ka zaɓi Crossing, ka ce ne a sanar da kai duk lokacin da farashi ya ratsa layin, ko hawa yake ko sauka. In ya yi ta kai da komowa a kan layin, alat ɗin da aka bari yana maimaituwa zai yi ta bugawa. Abin da ka umarta shi aka yi.

Maganar da ta fi yaɗuwa ita ce wai Once Per Bar Close ya kashe matsalar gaba ɗaya. Rabinta gaskiya ne. Wannan zaɓi yana jira kyandir ya rufe, saboda haka tsinin da ya caki layin ya dawo ba zai tashe ka ba. Amma rufewa ɗaya ba riƙewa ba ce. Kuma in sharaɗinka Greater Than ne, za a sanar da kai a ƙarshen kowane kyandir muddin farashi na sama: a kyandir na minti 15, sau 4 ke nan a awa. Shi kuwa Only Once shiru yake kawowa, amma yana iya ƙonewa a kan leƙen ƙarya, hawan gaske ya zo babu mai faɗa maka.

Abin da ke aiki, a ganina, shi ne haɗa abu biyu: ƙirga rufewa a jere, da ajiye layi na biyu a ƙasa wanda sai an sauka ƙarƙashinsa alat zai sake ɗanuwa. A Pine Script ga yadda yake:

```
//@version=6
indicator("Rike", overlay=true)
var int n = 0
var bool shirye = true
n := close > 100000 ? n + 1 : 0
if close < 99000
    shirye := true
if shirye and n >= 3 and barstate.isconfirmed
    alert("Ya rike", alert.freq_once_per_bar_close)
    shirye := false
plot(100000)
```

Wajen ɗana alat ɗin sai ka zaɓi wannan ma'auni, sannan Any alert() function call.

Mu ƙaddara kyandir na minti 15 ya rufe a 100,150, na biye a 99,920, sannan 100,300, 100,410 da 100,260. Ƙirga za ta tafi 1, ta koma 0, sannan 1, 2, 3. A kyandir na biyar kaɗai waya za ta yi ƙara. In daga baya farashi ya zame zuwa 99,600 ya sake hawa, ba za ka ji komai ba, domin bai rufe ƙasa da 99,000 ba. Wannan rata ta dala 1,000 ita ce ke kashe hayaniyar, kuma ita mutane suka fi mantawa. Ta yi ƙanƙanta, kuka ya dawo. Ta yi faɗi, alat ya daɗe bai farka ba. Ka dubi tsawon kyandirorin kwanakin baya, ka sa ratar ta ɗan fi matsakaicinsu.

Sai masu cewa alat irin wannan tabbaci ne cewa farashi ya wuce ke nan. Wannan ce ta fi damuna, domin a kanta ake asarar kuɗi. Abin da alat ya shaida kawai shi ne rufewa uku a sama. Kyandir na huɗu yana iya rushe komai. Kuma jiran ba kyauta ba ne: labari zai iso maka minti 30 zuwa 45 bayan an ratsa layin, wataƙila farashi ya riga ya yi nisa.

Akwai kuma zaton cewa in ka gyara lamba a cikin rubutun, alat ɗin zai bi. Ba ya bi. TradingView yana ajiye kwafin rubutun da saitinsa ne a lokacin da aka ɗana alat, saboda haka in ka mayar da 100000 zuwa 105000, sai ka goge tsohon ka ɗana sabo. In ka ga saƙo yana zuwa a tsohon farashi alhali layin da ke allonka yana wani wuri, tsohon kwafin ne ke aiki.