Tambayoyin da nas ke yi don gano ciwon damuwa

Ba kasafai mai ciwon damuwa kan shiga ƙaramin asibiti ya ce damuwa ce ta kawo shi ba. Ciwon kai zai ambata, ko kasala, ko rashin barci. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a littafin jagora na mhGAP da ta fara fitarwa a 2010, ta tsara wa ma'aikatan jinya yadda za su bi zancen daki-daki.

A ɗauka magidanci ne ɗan shekara arba'in da karayar arziki ta sama, an gwada jininsa babu zazzaɓin cizon sauro. Nas za ta fara da roƙon ɗan rakiyarsa ya jira a waje, domin ba mai faɗin cikinsa a gaban ƙaninsa. Sai ta taɓo barci da cin abinci, kafin ta zo kan tambayoyi biyu: "Malam, cikin mako biyun nan, kana yawan jin baƙin ciki ko yanke ƙauna? Abubuwan da ka saba jin daɗinsu, kamar hira a majalisa, sun fita daga ranka?" Mako biyun nan shi ne ma'auni, don ɓacin ran kwana ɗaya ba ciwo ba ne. In ya amsa da e, sai ta bi tambayoyi tara na takardar PHQ-9, mai maki daga 0 zuwa 27. Daga 10 zuwa sama, lamarin na buƙatar kulawa. Amma maki kaɗai ba ya yanke hukunci: ƙarancin jini, rasuwar da aka yi kwanan nan, ko shaye-shaye, duk sai an bincika.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta kisan kai, kuma nan ne wasu ma'aikata ke kaucewa, suna tsoron kada su cusa wa mutum tunanin. Tambayar ba ta cusa shi. Hawa-hawa ake yi: "Ka taɓa jin gara mutuwa da wannan rayuwa? Ka yi tunanin kashe kanka a watan nan? Ka shirya yadda za ka yi? Ka taɓa gwadawa cikin shekarar da ta wuce?" In ya ce "Subhanallahi, ai haramun ne", ba ta rufe zancen nan take, ba ta kuma yi masa wa'azi. Ta san kunya da tsoron Allah kan sa mutum ya ɓoye.

In ya ce akwai shiri, kuma yana da maganin ƙwari a ajiye, to ya zama na gaggawa. Ba a barin sa shi kaɗai. Za ta shaida masa cewa dole a sanar da wani na jikinsa da ya yarda da shi, a kawar da abin daga gidan, a kuma tura shi ga likitan ƙwaƙwalwa a ranar. Mai karatu, in nas ta yi maka irin waɗannan tambayoyi, ba zargi ba ne, ka gaya mata gaskiya.