Takardar Neman Tallafin Karatu da Babu Ƙura a Jikinta

Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji masu iya magana. Wanda kuwa ya yi gudu, in ya zo ba da labari, da wuya a rasa jin inda ƙaya ta soke shi ko inda numfashinsa ya ɗauke. Wannan ita ce ma'aunin da nake riƙewa duk lokacin da aka ajiye mini tulin takardun bayanin kai, wato rubutun da mai neman tallafin karatu yake yi don ya faɗi ko shi wane ne, me ya taɓa yi, kuma me zai yi da ilimin in an ba shi. Na yi shekaru ina cikin kwamitin tantancewa na wata ƙaramar gidauniya mai ɗaukar nauyin masu digiri na biyu, ina kuma duba wa ɗalibai abin da za su aika wa manyan shirye-shirye irin su Chevening na gwamnatin Birtaniya. Tun da manhajar ChatGPT ta fito a ƙarshen watan Nuwamba na 2022, Turancin takardun ya yi sumul, kurakuran nahawu sun yi ƙasa, amma mutanen da ke cikinsu sun fara ɓacewa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Irin wannan manhaja tana jera kalmomi ne bisa abin da ya fi yawan biyo bayan abin da ya gabata a cikin ɗimbin rubutun da aka horar da ita a kansa. In ɗalibi ya ba ta taƙaitaccen tarihin aikinsa ya ce ta rubuta masa bayani, abin da ya ba ta kaɗai ta sani game da shi. Sauran gurbin sai ta cike da abin da ya dace da kowa: kishin al'umma, jagoranci, ƙalubale, juriya, kawo sauyi mai ɗorewa. Saboda haka gwajin farko da nake yi mai sauƙi ne. Nakan rufe sunan mai nema da na garinsa da ɗan yatsa, in sake karantawa, in tambayi kaina ko mutum nawa ne cikin tulin za su iya sa hannu a ƙasan wannan takarda ba tare da sun yi ƙarya ba. In amsar ita ce kusan kowa, to takardar ba ta kowa ba ce.

Ga misali daga wata mai neman karatun kiwon lafiyar al'umma, bayan na cire duk abin da zai sa a gane ta, na kuma mayar da ma'anar zuwa Hausa. Ta rubuta cewa ta jagoranci tawaga a gangamin rigakafin shan-inna a wani yanki marar galihu, ta fuskanci turjiya daga iyaye saboda al'ada da rashin fahimta, amma ta hanyar tattaunawa da masu ruwa da tsaki da gina amana ta samu ƙaruwar karɓuwa, kuma hakan ya koya mata cewa jagoranci sauraro ne. Babu jimlar da ke da aibi. Sai dai duk wanda ya taɓa bin tawagar rigakafi gida-gida, ko da na wuni ɗaya ne, ya san cewa aikin ba haka yake zama a ƙwaƙwalwar mai yinsa ba. Akwai akwatin sanyi da ake ratayawa a kafaɗa, da ƙanƙarar da ke narkewa kafin azahar. A jikin kowace kwalba akwai ɗan murabba'i cikin da'ira, wanda zafi ke sa shi duhu, kuma in launinsa ya kamo na da'irar, maganin ya tashi daga aiki. Ɗigo biyu ake yi wa yaron da bai kai shekara 5 ba, a shafa masa tawada a ƙaramin yatsan hagu, a rubuta alama da alli a bango ko ƙofar gidan. Mata ne ke shiga cikin gida, tunda ba a barin baƙon namiji ya wuce zaure. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai leƙo cikin takardar ba.

Abin da ya fi jan hankalina ma shi ne kalmar turjiya. Wadda ta tsaya a ƙofar gida aka hana ta shiga tana tuna abin da aka ce mata. Tana tuna magidancin da ya tambaye ta me ya sa ake biyo su har gida da wannan kyauta alhali in zazzaɓi ya kama yaro sai sun sayi magani da kuɗinsu. Tana tuna cewa sai da aka kira mai unguwa, ko aka jira liman ya yi magana bayan sallar la'asar. Rubutun na'ura yakan ambaci matsala da sunanta na gaba ɗaya, ya tsallake zuwa nasara, ya rufe da darasi. Tsakiyar labarin, wato wa ya ce me, me aka gwada bai yi ba, nawa aka rasa, ita ce ke faɗuwa. Kuma a rubutun da aka samar ta wannan hanya da wuya a ga gidan da har aka gama gangami bai buɗe ƙofa ba, alhali kowace tawaga tana da irinsa.

Yanzu ɗalibai sun waye, suna umartar manhajar ta ƙara musu bayanai na zahiri, ita kuwa in ba ta da su sai ta ƙaga. Wannan ya fi sauƙin kamawa ga wanda ya san ƙasa. Na taɓa karanta wanda ya ce ya yi wa yara 'yan shekara 10 allurar shan-inna gida-gida, ya kuma raba wa iyaye takardun wayar da kai a zauren taro na gari. Wanda ya yi aikin ba zai kira ɗigo allura ba, ba zai kuskure shekarun yaran da ya wuni yana tambaya ba. Ana kuma gane ƙagaggen adadi da yadda yake zuwa a daidaice, mutum 500 ko ƙarin kashi 40 cikin ɗari, ba tare da an faɗi daga nawa aka tashi ko a wace takarda aka ƙirga ba.

Amma a nan ne ya kamata mai tantancewa ya taka a hankali, domin rashin ƙura a jikin takarda alama ce, ba shaida ba ce. Mun taso ana gaya mana cewa yabon kai jahilci ne. Yarinyar da aka horar da kunya da kawaici ba za ta ji daɗin rubuta cewa ita ce ta shawo kan dattijon da ya girmi mahaifinta ba, sai ta ɓuya a bayan "mun yi" da "an samu". Wani kuma yana ganin alli da akwatin ƙanƙara ƙananan abubuwa ne da ba su cancanci shiga takardar da Bature zai karanta ba. Ga kuma tsohon ciwo da ya girmi kowace manhaja: samfurin da ake gada daga yayye a jami'a, ko wanda mai shagon buga takardu yake sauya wa suna. Duk waɗannan suna haifar da rubutu marar mutum a ciki, kuma hannun ɗan Adam ne ya yi su.

Manhajojin da ake tallatawa don gano rubutun na'ura ba su raba wannan gardama ba. Kamfanin OpenAI da kansa ya fitar da irin wannan ma'auni a watan Janairu na 2023, ya janye shi a watan Yuli na shekarar saboda yawan kuskurensa. A shekarar kuma masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji guda 7 a kan rubutun jarrabawar TOEFL na mutanen da Turanci ba harshensu na gado ba ne, sai ga shi fiye da rabin rubutun an jingina shi ga na'ura. Abin da ake aunawa shi ne yadda kalmomin marubuci suke da sauƙin hasashe, kuma wanda ya koyi Turanci a aji yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbatar da su. Kwamitin da ya dogara da wannan ma'auni zai fi zubar da 'ya'yanmu masu gaskiya.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne tambaya baki da baki, kuma ba tambayar "ke kika rubuta?" ba, domin wannan tuhuma ce, mai gaskiya da marar gaskiya duk amsa ɗaya za su bayar. Nakan ɗauki jimla ɗaya daga takardar in nemi abin da ke ƙarƙashinta. Da waccan baiwar Allah ta zo gaban kwamiti, sai na ce, "Malama, a rana ta biyu ta gangamin, da ƙarfe nawa kuka karɓi magani, kuma wane gida ne ya fi ba ku wahala?" Ba ta yi jinkiri ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, tun bakwai muke a asibitin unguwa, amma ƙanƙara ba ta ishe mu ba saboda an kwana babu wuta, sai muka fara da gidajen nesa." Ta ba da labarin wani gida mai yara 6 inda kishiyoyi biyu suka yarda, uwargida ta ƙi, ita kuwa ta gane cewa ba maganin uwargidan take ƙi ba, haushinta shi ne an fara gaishe da amarya. Washegari ta koma ita kaɗai, ta durƙusa ta gaishe ta, ta nemi izini daga gare ta. An yi wa yara 4, biyun da ke makarantar allo kuwa ba a same su ba har aka rufe gangamin. Wanda bai yi aikin ba, a tambaya ta biyu yake komawa ga kalmomin takardarsa, yana maimaita amana da masu ruwa da tsaki. Ita kuwa kowace tambaya sai ta buɗe wata ƙofa.

Daga baya, ba tare da an matsa mata ba, ta faɗi cewa ta ba manhaja tarihin aikinta ne saboda tana tsoron Turancinta. Kwamiti ya rabu. Wasu suka ce ta miƙa abin da ba nata ba da sunanta, kuma akwai waɗanda suka sha wahala suka rubuta nasu da kurakuransu, ba adalci ba ne a haɗa su. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma inda gidauniya ta rubuta hani a fili cikin sharuɗɗanta, ni ma da ita zan tsaya. Tamu ba ta rubuta komai a kan haka ba a lokacin, kuma aikin da takardar ta yi iƙirari an tabbatar ta yi shi. Sai aka yanke cewa duk waɗanda suka kai matakin ganawa, ba ita kaɗai ba, za su zauna a ɗaki ɗaya su rubuta shafi guda da hannu cikin minti 40, kowa a kan wani abu da aka tsamo daga takardarsa, babu waya a hannu. Nata shafin ya zo da kurakuran nahawu kusan goma da gogewa a wurare uku, ya fara da ƙanƙarar da ta narke, kuma a kansa aka ba ta maki. Daga shekarar da ta biyo baya muka sa wannan zama cikin sharuɗɗan da ake bugawa tare da sanarwar neman tallafin.