Kafin Ka Nemi Farashin Kalibireshan, Rubuta Abin da Kake So a Auna

Duk masana'antar da ke sarrafa abinci, magani ko ruwan sha ta san cewa masu duba aiki na NAFDAC ko SON suna iya neman satifiket ɗin kalibireshan na sikeli, ma'aunin zafi da geji. Kalibireshan shi ne a kwatanta na'urarka da wata da aka tabbatar da ingancinta, a rubuta kuskuren da take yi. Ɗakin awon da zai yi wannan aiki sai ya fara ba ka farashi, farashin kuwa ya dogara ne da abin da ka rubuta masa a imel. Wanda ya rubuta "muna da sikeli ɗaya da geji ɗaya, nawa ne?" zai samu amsa, amma ba zai san abin da ya saya ba sai ranar da mai duba aiki ya ƙi karɓar takardar.

Mu ɗauki misalin wata matsar man gyada a Kano mai ƙaramin ɗakin gwaji. Na'urori uku take son a duba mata: sikelin da ke ɗaukar har giram 220, ma'aunin zafin tandar da ake busar da samfuri, da gejin matsin tururi da ke kan tukunyar dumama.

Abu na farko shi ne a fayyace kowace na'ura: kamfanin da ya ƙera ta, samfurinta, lambarta, iyakar abin da take aunawa, da mafi ƙanƙantar abin da take iya nunawa. Wannan na ƙarshe yana da tasiri a kan kuɗi. Sikelin da ke nuna 0.1 mg yana buƙatar duwatsun awo masu daraja ta E2, alhali sikelin buhuna duwatsun M1 sun ishe shi, kuma ba kowane ɗakin awo ke da na farkon ba.

Abu na biyu shi ne wuraren da za a gwada. Ma'aunin zafi yana iya kaiwa digiri 300, amma matsar man tana busar da samfuri ne a digiri 103, kamar yadda ƙa'idar ISO 662 ta tsara don auna danshin mai. Idan ba ta faɗi haka ba, ɗakin awon zai iya zaɓar 50 da 150 da 250, ya tsallake inda ake aikin. Yawancin ɗakunan awo kuma suna ƙara kuɗi a kan kowane ƙarin wuri, saboda haka zaɓen wurare uku da suka kewaye aikinka ya fi neman goma barkatai.

Abu na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne rashin tabbas na awo. Babu awon da ke fitowa cif. Idan satifiket ya ce ma'aunin zafinka yana ƙara rabin digiri, zai kuma rubuta wata lamba a gefe, galibi a ƙarƙashin harafin U, wadda ke nuna tazarar shakkar da ke kan sakamakon kansa. Kusa da ita za ka ga k = 2, ma'ana akwai yaƙinin kusan kashi 95 cikin ɗari cewa gaskiyar tana cikin wannan tazara.

To nawa za ka nema? Daga aikinka ake lissafo shi. Al'adar masu awo ita ce rashin tabbas kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kuskuren da aikin ya yarda da shi. Ƙa'idar busar da mai ta ba da rangwamen digiri 2 sama ko ƙasa, don haka rabin digiri ya wadatar. Gejin tururin yana kaiwa 16 bar, a fuskarsa kuma an rubuta daraja 1.6, wato an yarda ya yi kuskuren kashi 1.6 cikin ɗari na iyakarsa, kusan 0.26 bar. Rubu'in wannan shi ne kimanin 0.06 bar. Shi kuwa sikeli, danshin kashi 0.2 cikin ɗari a samfurin giram 5 bai wuce 10 mg ba, kuma sau biyu ake ɗora samfurin, kafin busarwa da bayanta, don haka gara a matse a nemi 0.5 mg.

Ana yin kuskure ta fuska biyu a nan. Wani ya karɓi satifiket mai rashin tabbas na digiri 2 a kan aikin da rangwamensa digiri 2 ne, takardar ba ta tabbatar masa da komai ba. Wani kuma ya rubuta "muna son mafi inganci", a yi masa lissafin aikin da ya fi ƙarfin na'urarsa, ya biya kuɗin banza.

Ga yadda saƙon zai kasance, da kowane harshe aka rubuta shi:

Yallaɓai, barka da aiki. Muna neman farashin kalibireshan na waɗannan na'urori, lambobinsu suna cikin takardar da muka haɗo.

1. Sikelin ɗakin gwaji, 0 zuwa 220 g, yana nuna 0.1 mg. A gwada a 5, 50, 100 da 200 g. Rashin tabbas kada ya wuce 0.5 mg. A zo a yi aikin a masana'antarmu.
2. Ma'aunin zafin tanda tare da sandarsa. A gwada a 90, 103 da 120 °C. Kada ya wuce 0.5 °C.
3. Gejin tururi, 0 zuwa 16 bar, daraja 1.6. A gwada wurare biyar, hawa da sauka. Kada ya wuce 0.06 bar.

Duka a k = 2. Muna roƙon kwafin takardar amincewarku ta ISO/IEC 17025 da jerin ayyukan da ta ƙunsa. Kada a gyara kowace na'ura sai an sanar da mu. A bayyana kuɗin zuwa, haraji, da kwanakin da aikin zai ɗauka. Mun gode.

Me ya sa aka ce a zo a yi wa sikelin aiki a inda yake? Jijjigar mota tana iya canza shi, ƙarfin jan ƙasa kuma ya bambanta daga gari zuwa gari. Sikelin da aka saita a Legas aka kai shi Jos ba tare da sake saitawa ba zai rage kusan 60 mg a kan giram 200.

Batun hana gyara shi ma yana da dalili. Idan aka gyara na'ura kafin a rubuta yadda aka same ta, ba za ka taɓa sanin ko awon da ka yi wata da watanni da ita daidai ne ba. Nemi sakamako biyu: na kafin gyara da na bayansa.

Idan amsa ta iso, kada ka fara da duba kuɗin. A Najeriya hukumar NiNAS tana cikin masu tantance ɗakunan awo, kuma amincewar ba ta rufe kowane aiki ba: ana iya amince wa ɗaki ya auna nauyi ba a amince masa da matsi ba. Buɗe jerin, ka nemi layin da ya dace da na'urarka, ka duba lambar CMC, wadda ita ce mafi ƙanƙantar rashin tabbas da ɗakin zai iya bayarwa. Idan CMC ɗinsu na matsi 0.1 bar ne, kai kuma 0.06 kake nema, cire gejin daga wannan farashi ka aika shi wani ɗakin, ko da farashin ɗakin farko ya fi araha.