Takardar Rantsuwa: Shaidar da Ke Magana a Madadinka

A ce ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya ba wani buhu 40 na masara bashi, wata shida babu labari. Idan ya kai ƙara babbar kotun jiha, zai iya samun hukunci ba tare da ya tsaya gaban alƙali ya ba da shaida ba. Takardar rantsuwa, wadda ake kira afidabit, ita ce za ta yi magana a madadinsa.

A saman takardar ana rubuta sunan kotu da na masu shari'a, sai cikakken sunan mai rantsuwa da sana'arsa da inda yake zaune da ƙasarsa. Daga nan zai faɗi magana da bakinsa, ɗaya bayan ɗaya, kowacce da lambarta: ranar kaza na auna masa buhu 40, ya yi alkawarin biya bayan wata guda, ga rasit na haɗa.

A nan ne mutane ke tuntuɓe. Sashe na 115 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce abin da ya faru kaɗai ake rubutawa, ban da roƙo ko gardamar lauyoyi ko yanke hukunci. Idan ɗan kasuwar ya rubuta "wannan mutum mayaudari ne, a tilasta masa ya biya", kotu na iya soke wannan layi. Idan kuma yaron shago ne ya miƙa kayan, sai ya ambaci sunan yaron, da lokaci da wurin da ya ba shi labarin, ya kuma ce ya gaskata shi. A ganina dokar ta yi daidai, domin ganau ba ɗaya yake da jiyau ba.

Rantsuwar kanta a gaban kwamishinan rantsuwa ake yi, galibi a ofishin rajistar kotu, kuma mai rantsuwar ne da kansa zai sa hannu. Lauyansa ba shi da ikon rantsar da shi. Wanda bai iya karatu ba, dole a karanta masa da harshen da yake ji, a rubuta an yi hakan, sannan ya dangwala.

Wanda ake ƙara fa? Idan ya yi shiru, kotu kan ɗauka ya amince da abin da aka rantse a kai. Idan ya kawo tasa takardar ya ce ya biya rabi, maganganu sun yi karo, sai alƙali ya duba rasit, in bai warware ba a kira shaidu.

Ɗan'uwa, duk ranar da aka kawo maka sammaci da takardar rantsuwa a haɗe, kada ka cusa ta ƙarƙashin katifa. Kwanakin amsawa ƙidayayyu ne, ka nemi lauya a ranar.