Kuɗin ɗinki: ina hayar shago take shiga?

Ka tambayi tela yadda ya yanka kuɗin jamfa da wando, sau da yawa zai ce maka haka ake yi a layin. Ya lissafa zare da maɓalli, ya ƙara ladan hannunsa, shi ke nan. Sai wata ya ƙare, mai shago ya turo karɓar haya, a duba aljihu a ga wayam, alhali keke bai huta ba. Abin da ya cinye kuɗin shi ne hidimar shago, wato kashe-kashen da ba na rigar kowa ba ne, amma kowace riga ta ci moriyarsu.

Mu ɗauki misalin shago mai teloli uku a Kano. A ce hayarsa naira 360,000 ce a shekara, wato 30,000 a wata. Wuta da man janareta 90,000, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 nan ne ciwon yake. Allura, man keke, gawayin guga da mai gyara 20,000. Abincin yaran shago 40,000, mai gadi da haraji 10,000, sai wata 10,000 da ake ajiyewa saboda ranar da keke zai mutu. Jimla 200,000 a wata.

Yaya za a raba wannan nauyi a kan kayan mutane? Wasu sukan raba daidai: kaya ɗari aka ɗinka, kowanne ya ɗauki 2,000. A ganina wannan zalunci ne, ga tela da ma mai kaya. Rigar da ta kwana biyu a kan keke ta fi shan wuta, ta fi tare wuri, a kan wadda aka gama kafin azahar. Ma'aunin da ya fi kusa da gaskiya shi ne awannin aiki.

A nan ne kuma ake yawan tuntuɓe. Mutum uku, awa goma a rana, kwana ashirin da biyar, ya kama awa 750. Amma ba duka ake ɗinki a cikinsu ba. Akwai sallah da cin abinci, akwai zuwa Kantin Kwari neman shafi, akwai hajiyar da za ta zauna tana zaɓen samfuri a waya, akwai jiran wuta. In an rubuta da gaskiya, wataƙila awa 500 ce ta yanka da ɗinki da guga. Raba 200,000 gida 500, kowace awa ta ɗauki naira 400. Wanda ya raba da 750 zai sami kusan 267, kuma a ƙarshen wata zai tarar da giɓin kusan 67,000 bai san ta ina ya ɓullo ba.

Yanzu ga jamfa da wando marasa aiki, awa huɗu. Ladan tela a kan 1,000 kowace awa, 4,000. Zare da maɓalli 1,000. Hidimar shago 1,600. Ɗinkin ya ci 6,600 ke nan, kuma in aka ɗora ribar kashi ɗaya cikin huɗu, farashi ya zama 8,250. Ga kuma doguwar rigar amarya mai duwatsu, awa goma sha biyar: lada 15,000, shafi da zif da duwatsu 6,000, hidimar shago 6,000. Jimla 27,000, da riba 33,750. Da an yi rabon daidai, da amarya ta tafi da 4,000 na shago, mai jamfa kuma an ɗora masa 400 da ba nasa ba. Ko da mai shagon ne ya ɗinka da hannunsa, ya rubuta wa kansa lada, domin lada daban, riba daban.

Lissafin yana da iyaka. Kada a fitar da shi daga watan azumi kaɗai, lokacin da ake kwana a shago, don awannin sun yi yawa, kuɗin awa zai fito ƙarami, bayan Sallah a rasa na haya. A haɗa na shekara guda a raba. Haka kuma shagon da ke da injin aiki na kwamfuta, wanda ke shan wuta mutum na gefe yana kallo, gara a ware wa injin nasa lissafin, kada a ɗora man janaretansa a kan mai ɗinkin hannu.

Maigida tela, sayi ɗan littafi gobe. Kowane kaya a rubuta lokacin da aka sa masa almakashi da lokacin da aka goge shi, har da gyaran da aka dawo da shi. In ƙarshen wata ya zo, ninka awannin da kuɗin awa, ka gwada da abin da shago ya kashe. In bai kai ba, ka gyara farashi tun kafin kayan Sallah su fara shigowa.