Zubewar Gashi Bayan Fara Shan Magani: Abin da Za Ku Gaya wa Likita

Idan gashin kanku ya fara zuba fiye da yadda kuka saba, muna roƙon ku da kada ku daina shan maganin asibiti da kanku. Wasu magunguna suna zubar da gashi, gaskiya ne, amma gashin yakan dawo. Daina maganin farat ɗaya kuwa yana iya kai mutum ga halaka.

Kowane silin gashi yakan yi shekaru yana girma, sannan ya huta kamar wata uku kafin ya faɗi. Shi ya sa zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Mai kitson da ya yi mako biyu, ranar tsifa za ta iya ganin sili 700 zuwa 1,400 a mataji, domin na kwana 14 ne suka taru. Abin da wasu magunguna ke yi shi ne su tura gashi mai yawa hutu a lokaci guda. Saboda haka zubar ba ta bayyana a makon farko, sai bayan wata biyu zuwa huɗu.

Mu ɗauki maganin farfaɗiya da ake rubuta wa Sodium Valproate. A Gana za ku iya ganin Epilim a jikin kwalinsa, wanda kuma ya taho da shi daga Burkina Faso zai ga Dépakine. Magani ɗaya ne. A ce wata mata ta fara shan sa a Janairu, faɗuwa ta tsaya, sai a Afrilu ta ga gashi yana cika mataji. Kan bai yi sanƙo wuri guda ba, gashin ne ya yi ƙaranci ko'ina, kuma kowane sili yana da ɗan farin kai a gindinsa. Wannan ya yi kama da aikin maganin. Sau da yawa zubar tana da nasaba da yawan abin da ake sha, don haka likita zai iya rage shi ko ya sauya wani a hankali. Gashin yakan fara tsirowa cikin wata shida, wani lokaci ko da ana ci gaba da sha. Amma idan ta ajiye maganin da kanta, farfaɗiya za ta iya dawowa da ƙarfi, tana bakin murhu ko bakin rijiya.

Maganin hawan jini irin Propranolol da Atenolol shi ma yakan zubar wa wasu da gashi, kuma tsayar da shi kwatsam yana wahalar da zuciya. Haka allurar tsarin iyali ta wata uku: idan kina zargin ta, ki je a ranar da aka ba ki, ki nemi a sauya miki hanya.

Sai dai ba kullum magani ne da laifi ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, taifot, haihuwa, ƙarancin jini da tashin hankalin gudun hijira duk suna zubar da gashi bayan kamar wata uku. Idan kuwa gashin gaban goshi ne kawai ke ja da baya, a duba kitso mai tsauri. Zagayayyen wuri mai ɓawo da ƙaiƙayi a kan yaro yawanci makero ne, yana da nasa magani.

Idan za ku ga nas a ɗakin shan magani ko likita a asibitin Gushegu, ku tafi da kwalayen duk abin da kuke sha, har da na kasuwa da na gargajiya, da katin asibiti da na inshorar lafiya. Ku faɗi watan da kuka fara maganin, watan da zubar ta fara, da ciwo ko haihuwar da ta auku a tsakani. Wanda bai riƙe watan Bature ba ya ce “kafin azumi” ko “bayan Babbar Sallah”, ya wadatar. Sannan ku yi tambaya kai tsaye: “Likita, ko wannan maganin ne? In ci gaba, ko akwai wani?” Ƙila a gwada yawan jininku, ko a tura ku Yendi ko Asibitin Koyarwa na Tamale. Mace na da damar neman ma'aikaciya mace da wurin sirri kafin ta cire ɗankwali, wanda ba ya jin Turanci ko Dagbani kuma ya nemi tafinta.

Matar da ke shan Sodium Valproate ta faɗa wa likita idan tana da ciki ko tana son ɗauka, domin yana iya cutar da jariri. Wanda kuma idonsa ya zama rawaya, ko yake amai da ciwon ciki mai tsanani, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira ranar da aka ba shi.